Jika 19 ɗin da ba naka ba: jawabi kan TVA a Bangi



An ce in yi magana kan TVA, kuma tun kafin in buɗa baki na ga fuskokin wasu sun sake. Na sani, maganar haraji ba ta da daɗin ji da rana tsaka. Amma ku ɗan ba ni hankalinku, don zan fara da ranar da maigidana ya kusa korata daga aiki.

Aikina na farko bayan makaranta shi ne riƙon littafin lissafi a wani shagon kayan gini a Maraɗi. Kwanon rufi, rodi, fenti, ƙusa, duka muna sayarwa. A ƙarshen watan farko na tattara ciniki, na ga kuɗin da suka shigo sun kai miliyan 23 da jika 800. Alhaji yana murna, har ya fara lissafin motar kayan da zai yi oda. Na ce mishi: "Alhaji, a yi haƙuri, cikin kuɗin nan miliyan 3 da jika 800 ba naka ba ne." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce: "Yaro, a akwatina kuɗin suke ko a naka?" Na ce a nashi suke. Ya ce: "To, na wa ne?"

Tambayar Alhaji ita ce maganarmu ta yau. Zan dawo ga yadda muka ƙare da shi, amma sai mun fahimci abin tukuna.

TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan ƙarin darajar kaya, ba irin lanhon da muka saba da shi ba ne, wanda ake zuwa a amsa a hannun mutum da sunansa. Ba kuma tikitin kasuwa ba ne, wanda ke shiga asusun magajin gari. Shi wannan yana cikin farashin kaya, kuma baitulmalin ƙasa yake tafiya ta hannun hukumar haraji, DGI. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1954, wani ma'aikacin haraji mai suna Maurice Lauré ne ya tsara shi. Nijar ta ɗauke shi a 1986. Yau babban ma'auninsa a ƙasarmu 19 ne cikin ɗari. In za mu faɗe shi da lissafinmu na kasuwa: a kowace jika guda, dala 38. Maƙwabtanmu na Najeriya, da ke nan kusa da mu, 7.5 cikin ɗari suke biya tun watan Fabrairun 2020. Mu kuma muna cikin ƙungiyar UEMOA, wadda ta ce babban ma'aunin kowace ƙasa ya tsaya tsakanin 15 da 20.

Wannan tarihi ne, mu wuce. Abin da nake so ku riƙe shi ne ɗan kasuwar da ke cikin tsarin TVA yana da aljihu biyu. In ya sayi kaya, yana biyan TVA ga wanda ya sayar mishi. Wannan ita ce TVA ta saye, a takardun haraji za ku ga an rubuta TVA déductible, wato wadda ake cirewa. In ya sayar, yana amsar TVA daga hannun mai saye. Wannan ita ce TVA ta sayarwa, a takarda TVA collectée, wato wadda aka tattara. Ƙarshen wata sai ya ɗauki ta sayarwa, ya cire ta saye, abin da ya rage shi zai kai wa gwamnati. Shi ke nan asalin abin. Sauran duka reshe ne.

Bari mu bi kaya guda tun daga bakin iyaka har zuwa nan Bangi. Farashin da zan faɗa na misali ne, na zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi, kada wani ya je kasuwa gobe ya ce ni na yanka.

Wani babban ɗan kasuwa a Maraɗi ya shigo da ƙarfe daga waje. Kuɗin kaya da na mota da haƙƙin duwan, duka sun tashi miliyan 1. A nan ofishin duwan za a lissafa mishi TVA a kan wannan miliyan ɗin, ya biya jika 190 kafin kaya su fita. Ku lura, ita ce TVA ta saye ta farko, kuma kitansin duwan ne shaidarsa.

Sai mai shagon kayan gini na Madawa ya zo saro. Na Maraɗi ya ɗora ribarsa, ya sayar a miliyan 1 da jika 200. A kan wannan ya ƙara 19 cikin ɗari, wato jika 228. Na Madawa ya ƙirga mishi miliyan 1 da jika 428. To, nawa na Maraɗi zai kai wa DGI? Ba jika 228 ba. Ya riga ya biya 190 a duwan, sai ya cire su, ya kai jika 38. Ku duba da kyau: jika 38 ɗin nan daidai suke da 19 cikin ɗari na jika 200 da ya ƙara a kan kayan. Abin da ake nufi da ƙarin daraja ke nan. Kowa yana kai harajin abin da shi ya ƙara, ba na dukan kayan ba.

Na Madawa ya yi dako, ya biya hayar shago, ya ɗora tashi riba, ya sayar a miliyan 1 da jika 500. TVA a kai jika 285, mai saye ya biya miliyan 1 da jika 785. Ƙarshen wata na Madawa ya ɗauki 285, ya cire 228 da ya biya a Maraɗi, ya kai jika 57.

Yanzu ku tara mini abin da ya shiga baitulmali: 190 a duwan, 38 daga Maraɗi, 57 daga Madawa. Nawa ke nan? Jika 285. Wa ya biya jika 285 daga aljihunsa ba tare da ya cire komai ba? Mutumin ƙarshe. In malamin makaranta ne a Bangi da ke gina ɗakin aure, to shi ne. Na Maraɗi bai yi asarar ko dala ba, abin da ya biya a duwan ya dawo mishi daga hannun na Madawa. Na Madawa ma haka. Su masu tara wa gwamnati ne, ba albashi, ba godiya. Malamin shi ne mai biya, kuma sau da yawa bai ma san ya biya ba.

Me ya sa ba a bari kawai a amshi jika 285 ɗin gaba ɗaya a shagon ƙarshe? Saboda gwamnati ta san halin kasuwa. In aka jira na ƙarshe, shi kuma ya ɓoye cinikinsa, komai ya tafi. Amma da wannan tsari, ko da na Madawa ya ɓace, an riga an samu 228 cikin 285. Sa'an nan kowane ɗan kasuwa yana da dalilin matsa wa wanda ya sayar mishi ya ba shi takarda, don in ba takarda ba zai cire komai ba. Takardar kuwa ita ce ke tona cinikin wancan. Kowa ɗan sandan na gabansa ne, ba tare da an ɗauke shi aiki ba. Ni dai ko ba na son haraji, dole in ce wanda ya yi wannan dabara ya iya.

To, amma a nan ne maganar ta shafe mu sosai, don yawancin masu sana'a a Bangi ba su cikin wannan sarƙa. Doka ta raba ƴan kasuwa bisa yawan cinikinsu na shekara. Manya suna cikin tsarin da ake kira reyel: suna riƙe cikakken lissafi, suna amsar TVA, suna cirewa. Ƙanana kuwa suna biyan harajin dunƙule, wanda har yanzu mutane ke ce wa patanti. Shi mai patanti ba ya da izinin ɗora TVA a kan takardarsa, kuma ba ya da izinin cire wadda ya biya. Doka tana kallonsa kamar malamin nan mai gina ɗaki, wato mutumin ƙarshe.

Mu ɗauki masu walda biyu, dukansu sun sayi ƙarfen nan a Madawa a miliyan 1 da jika 785, dukansu za su yi ƙofofi da tagogi, kuma kowanne yana son jika 400 na aikinsa.

Na farko mai patanti ne. A wajensa kuɗin ƙarfe miliyan 1 da jika 785 ne cif, domin jika 285 ɗin ba za su dawo ba. Ya ɗora jika 400, ya sayar a miliyan 2 da jika 185. Ba TVA a takardarsa, amma tana ciki, ta narke cikin farashi kamar gishiri a miya.

Na biyu yana cikin reyel. A wajensa kuɗin ƙarfe miliyan 1 da jika 500 ne, tunda zai cire sauran. Ya ɗora jika 400, ya zama miliyan 1 da jika 900. Ya ƙara TVA jika 361, ya sayar a miliyan 2 da jika 261. Ƙarshen wata ya cire 285 daga 361, ya kai jika 76.

Wanne ya fi araha? Na ji wasu sun ce na farko. Gaskiya ne, in kai ne mai gida da kake son ƙofa, na farko ya fi maka araha da jika 76. Shi ya sa ƙaramin mai sana'a da ke sayar wa mutanen gari ba ya gaggawar shiga reyel, kuma ba wauta ba ce, lissafi ne.

Amma a ce mai sayen wani kamfanin gini ne da ke cikin reyel. Shi ba ya duban jimillar da ya biya, yana duban abin da zai rage a kansa bayan ya cire. In ya saya wajen na biyu, zai cire jika 361 duka, ƙofofin sun tsaya mishi a miliyan 1 da jika 900. In ya saya wajen na farko, ba abin da zai cire, sun tsaya mishi a miliyan 2 da jika 185. Wato mai patanti, wanda ya fi araha a idon mai gida, ya fi tsada da jika 285 a idon kamfani. Kuma in kamfanin ya zo yi wa nashi mai aiki takarda, zai ɗora 19 cikin ɗari a kan duka kuɗin, har da jika 285 ɗin da suka narke. Haraji a kan haraji, sama da jika 54 da ba dalili.

Ku da kuke kukan cewa manyan kamfanoni suna zuwa aiki a yankinmu amma ba sa sayen kaya wajen yaran gari, ga ɗaya daga cikin dalilan. Ban ce shi kaɗai ne ba, akwai sanayya, akwai raini, duk mun sani. Amma ko da mai kamfanin kawunka ne, kwantabul ɗinsa zai nuna mishi wannan lissafi. Saboda haka tambayar da mai sana'a ya kamata ya yi wa kansa ba "in shiga ko kada in shiga" ba ce kawai. Tambayar ita ce: su wa nake sayar wa? In mutanen unguwa ne, patanti ya ishe ka. In burinka kwangila ne da manyan gidaje, to wata rana sai ka je ofishin haraji ka tambayi sharuɗɗan shiga reyel, ka kuma shirya ɗaukar nauyin da ke tare da shi.

Haka abin yake ga manomin albasa, ta wata fuskar. Amfanin gona da ba a sarrafa ba, kamar hatsi da albasa, doka ta yafe musu TVA. Daɗin ji. Amma yafiya tana da wutsiya: wanda kayansa ke cikin yafiya ba ya amsa, kuma ba ya cirewa. Duk TVA da ke cikin abubuwan da ya saya don aikin, in dai masu haraji ne, irin kayan gyaran babur ko katin waya da yake kiran dillali da shi, a kansa take tsayawa. Ko dai ya tura ta cikin farashin buhu in kasuwa ta yarda, ko ya haɗiye ta. Kuma ku kun fi ni sanin wa ke yanka farashin albasa lokacin da kowa ya kwashe a tare.

Manyanmu za su tuna 2005. Dokar kasafin kuɗi ta shekarar, zamanin shugaba Tandja Mamadu da firaminista Hama Amadu, ta faɗaɗa TVA ta 19 zuwa kayan masarufi irin su madara, fulawa da sukari, ta kuma taɓa ruwa da wuta. Ƙungiyoyin farar hula suka haɗu don yaƙi da tsadar rayuwa. Ranar 15 ga Maris jama'a suka cika titunan Yamai, daga baya aka yi ta rufe kasuwanni da shaguna. An kama jagorori, cikinsu har da Nuhu Arzika, Maru Amadu da Musa Cangari. A watan Afrilu gwamnati ta ja da baya, aka cire harajin daga madara da fulawa, aka sassauta na ruwa da wuta ga ƙananan masu amfani. Mutanen nan sun gane abin da muka lissafa yanzu, cewa mutumin ƙarshe ne mai biya. Kuma dala 38 a jika ba nauyi ɗaya ba ne ga kowa. Wanda duk abin da ya samu a rana yake kashewa a ranar, kusan duk kuɗinsa na bi ta ƙarƙashin harajin nan. Mai ajiya a banki kuwa, abin da ya ajiye bai taɓu ba. Shi ya sa ake ware wasu kaya a yafe musu, wasu a rage musu, kamar 5 cikin ɗari da aka sa wa sukari da man girki.

Yanzu mu koma shagon Alhaji.

Cinikinmu na watan, in an cire haraji, miliyan 20 ne. TVA da muka amsa miliyan 3 da jika 800. Da na yi mishi bayanin cirewa, hankalinsa ya ɗan kwanta, domin mun sayi kaya na miliyan 16 a watan. Ya yi lissafi da ka, ya iya lissafi fiye da ni wallahi, ya ce to abin da za a kai jika 760 ne, ba komai. Sai na buɗe jakar takardu.

Cikin miliyan 16 ɗin, na miliyan 11 ne kawai ke da faktir ta ƙwarai. Sauran na miliyan 5 an saye su a hannun wani da ke kawo kaya da daddare, takardarsa ƴar guntuwa ce daga littafin rasidi na kasuwa, ba lambar haraji, ba komai, sai sa hannu kamar tafiyar kaza. Alhaji ya ce ai mutumin ya rantse mishi an biya komai a hanya. Na ce ko ya rantse da abin da ya fi haka, ofishin haraji takarda yake karantawa. TVA da za mu iya cirewa ta miliyan 11 ce kawai, wato miliyan 2 da jika 90. Abin da za mu kai ya tashi daga jika 760 ya koma miliyan 1 da jika 710. Kusan miliyan guda ya ƙaru. Rangwamen da mai kayan dare ya yi mishi bai kai rabin haka ba.

Ga abin da ke sa faktir ta zama ta ƙwarai. Dole ta ɗauki sunan mai sayarwa da lambarsa ta haraji, wadda ake kira NIF, da sunanka da taka lambar in kai ɗan kasuwa ne. Dole ta nuna layi uku daban: farashi ba haraji, za ku ga an sa HT, sai TVA da ma'auninta, sai jimilla, an sa TTC. Kuma tun 2021 DGI ta shigo da faktir mai shaida, wadda ke fitowa daga na'ura ko manhajar tsarin SECeF, da ɗan hoton nan mai murabba'i da ake ɗauka da salula. Ɗan kasuwar da ke cikin reyel, ita ya kamata ya ba ka, kuma ita ya kamata ya nema in ya je saro.

Wannan ya ba ku hanyar gane zamba guda da ta yi yawa. In mutum ya rubuta muku "TVA 19%" da biro a kan takardar da ba NIF, to ku tsaya. Ko dai ba ya cikin masu izinin amsa, ko yana amsa ba ya kaiwa. A duka biyun kun biya kuɗin da ba za su ga baitulmali ba. Shi ma ya jawo wa kansa, domin a doka duk wanda ya rubuta TVA a kan faktir, ta hau kansa, ko yana da izini ko ba ya da shi.

Ku da ke saro a Najeriya kuma, ku ji wannan. TVA ta 7.5 da ke kan takardar Sakkwato ko Kano, gwamnatin Najeriya aka biya wa, DGI ba ta san da ita ba, ba za ka cire ta a nan ba. Wadda za ka cire ita ce wadda ka biya a duwan ɗin Nijar, da kitansi mai sunanka. Kayan da suka bi ta daji ba su da TVA ta saye ko ɗaya. In kana cikin reyel ka sayar da su, 19 ɗin duka za ka kai, ba ragi.

Ba mu gama da Alhaji ba, akwai masifa ta biyu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cinikin watan da ya biyo baya bashi ne, mun ba wani ɗan kwangila kaya ya ce sai an biya shi. Alhaji ya ce to harajin wannan sai kuɗi sun zo. A'a. A cinikin kaya, TVA tana hawa kanka ne ranar da ka miƙa kayan, ba ranar da aka biya ka ba. Manyan ƴan reyel kuma kowane wata suke ajiye takardar bayani, zuwa ranar 15 ga watan da ke biye, tare da kuɗin. Wato sai ka ranta wa gwamnati harajin da ba ka amsa ba tukuna. In ka makara, tara ta hau. Na ga shago mai ciniki sosai ya durƙushe ta wannan hanya: kaya na fita, littafi na nuna riba, amma ranar 15 akwati wayam. Duk wanda zai ba da babban bashi a cikinku, aƙalla ya amshi kuɗin TVA ɗin a hannu.

Wani lokaci kuma abin yana juyawa. Watan da ka cika sito kafin damina, ka saya da yawa ka sayar kaɗan, TVA ta saye za ta fi ta sayarwa. Wannan watan ba ka kai komai, rarar kuma ba ta ɓata, ana tura ta zuwa wata na gaba ka cire. Amma sai ka ajiye takardar bayani, ko da sifiri za ka rubuta. Kuma ba duk abin da ka saya da sunan shago ne ake cirewa ba. Firjin da aka kai gidan amarya ba kayan shago ba ne, ko faktir ɗinsa ta fi kowace kyau. Masu bincike sun san wannan wasa tun kafin a haife mu.

Saura abu guda, kuma shi ne kuskuren da na fi gani wajen matasa masu ilimi, har da ni a farko. An ba ka jimilla, a ce jika 119, an ce haraji na ciki, fitar da shi. Sai ka ɗauki salula ka buga 19 cikin ɗari na 119,000, ta ba ka 22,610. Kuskure ne. An ɗora 19 ɗin ne a kan farashin asali, ba a kan jimilla ba. Asalin jika 100 ne, haraji jika 19. Ga yadda ake yi, na rubuta a allo:

```
TVA = TTC × 19 ÷ 119
HT  = TTC ÷ 1.19
```

Ku gwada da ƙarfen Madawa: 1,785,000 sau 19, a raba da 119, zai ba ku 285,000 daidai. Mai shagon da ke yin wancan kuskure yana kai wa gwamnati sefa 3,610 na banza a kowace jika 119. Akwai kuma kishiyarsa, wanda ya fi ciwo. Ka yi ciniki da mutum da baki a kan jika 100, ba ku ambaci haraji ba, ka kawo kaya, ya ce shi jika 100 ya sani, duka-duka. In kana cikin reyel, jika 100 ɗin ta zama jimilla, kusan jika 16 na gwamnati ne, kai ka tashi da 84. In ribar da ka sa rai jika 15 ce, ka yi aikin kyauta har da ciko. Kafin ku tafa hannu, ku tambaya: HT ko TTC?

Alhaji bai kore ni ba. Ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau, a na uku ya aiko yaro ya kira ni. Na tarar ya sa an kawo wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, an ajiye ƙarƙashin tebur. Ya ce: "Kullum in an tashi, ka yi lissafin nan naka na 119, ka zuba nasu a nan. Kada ka ba ni makullin ko na roƙe ka." Ya roƙa kuwa, sau biyu, lokacin da wata motar kwano ta zo da araha. Mai kayan dare kuma ya ci gaba da zuwa har wata uku, kafin Alhaji ya gaya mishi ko ya zo da faktir ko ya rage kashi 16 cikin ɗari. Bai sake dawowa ba.

Na ga hannuwa a sama tun ɗazu. Ƙanwata ta can baya, ke da kika ce kina saro atamfa a Kano, fara da taki.